Inkirimental rifiresh ko ful rilod: yadda zaka zaɓa ma dashbod ɗin da datarsa ke ƙaruwa kullum

Tambayar nan ta yi yawa wallahi, kusan duk wanda ke riƙe da dashbod na Power BI a wani ofis a Abuja sai ya zo da ita wata rana: rifiresh ɗina da can minti goma yake ɗauka, yanzu ya haura awa ɗaya, in kunna inkirimental ne ko in bar shi yana loda komai? Amsa ta a taƙaice ita ce, girman datar ba shi ne ke yanke hukunci ba, abin da ke yanke hukunci shi ne tsofaffin layukan naka suna canzawa ko basa canzawa, in suna canzawa kuma har zuwa kwana nawa. Ful rilod yana zubar da duk abin da ke cikin tebur ya sake ɗebo komai daga databes, a hankali yake amma duk abin da ke databes shi zaka gani. Inkirimental kuma yana yanka teburin gida gida bisa kwanan wata, ya sake ɗebo na kwanakin baya bayan nan kawai, sauran ya kulle su baya ƙara waiwayarsu.

Zan bi da misali guda ɗaya har ƙarshe. Mu ɗauka kamfanin raba kayan masarufi ne mai rassa a Wuse, Kubwa, Nyanya da Gwagwalada, cinikinsu yana shiga SQL Server a tebur mai suna `dbo.Sales`, layi wajen 20,000 a rana, kuma an tara na shekara 3, kaga kusan layi miliyan 22 kenan. Lissafin misali ne, kai ka sa naka.

1. Fara duba ko ma kana buƙatarsa

Ka shiga `Refresh history` na model ɗin ka duba tsawon lokacin da rifiresh ya ɗauka a makonnin nan, ka kwatanta da na wata uku da suka wuce. A lasisin Pro rifiresh ɗaya ba zai wuce awa 2 ba, in ya kai nan za a yanke shi, a Premium kuma awa 5 ne. In naka yana gamawa cikin minti 10 ko 15 kuma baya takura ma databes ɗin da masu kanta ke aiki da shi, dan Allah ka bar shi a ful rilod, babu abin da inkirimental zai ƙara maka sai ɗawainiya. Mutane na kunna shi don kawai sun ji ana cewa shi ne na ƙwararru, alhali teburin nasu layi dubu ɗari uku ne.

Inda ya kamata ka fara shiri shi ne in ya kai wajen minti 45 zuwa awa ɗaya kuma kana ganin yana hawa duk wata. Kar ka jira sai ya kai awa ɗaya da minti hamsin, dalili kuwa rifiresh na farko bayan ka kunna inkirimental shima komai yake lodawa, kuma shima awa biyun nan ce iyakarsa, toh in ka bari sai da ka kai bango zaka iya samun kanka a inda tsohon tsarin baya gamawa sabon kuma ya kasa tashi.

Gargaɗi: inkirimental lokaci yake rage maka, baya rage girman model. Iyakar 1 GB ta Pro tana nan daram. In matsalarka girma ce, maganinta cire kolum ɗin da ba a amfani da su, ko rage shekarun da kake ajiyewa.

2. Auna lattin datarka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawa suke tsallakewa su tafi kai tsaye wurin danna maɓalli. Abin da kake son sani: in aka yi ciniki yau, har zuwa yaushe layin nan zai iya canzawa, ko kuma har zuwa yaushe layi mai ɗauke da kwanan yau zai iya shigowa a makare?

In teburin yana da kolum da ke riƙe lokacin da aka taɓa layi na ƙarshe, irin su `UpdatedAt`, wannan zai nuna maka:

```sql
SELECT DATEDIFF(day, SaleDate, UpdatedAt) AS Latti,
       COUNT(*) AS Layuka
FROM dbo.Sales
WHERE UpdatedAt >= DATEADD(month, -6, GETDATE())
GROUP BY DATEDIFF(day, SaleDate, UpdatedAt)
ORDER BY Latti DESC;
```

Kar ka tsaya kallon inda layuka suka fi yawa, don kusan duka zasu taru a 0 da 1. Saman sakamakon zaka kalla, wato mafi tsawon latti, ko da layi ashirin ne kacal a wurin, saboda sau da yawa waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne manyan gyare gyaren kuɗi.

Bayan haka ka tashi daga kujera ka je wurin akanta, don kuweri ba zai gaya maka ƙa'idar gidan ba. Ka tambaye shi abu uku: kwana nawa ake ba kwastoma ya dawo da kaya, in an dawo da kayan ana gyara tsohon layin ne ko sabon layi ake shigarwa da kuɗi a ɗebe, sannan ranar nawa ga wata yake rufe lissafin watan da ya wuce. A misalinmu a ce amsar ita ce ana karɓar kaya har kwana 30, tsohon layin ake gyarawa, kuma yana rufe littafi ranar 10 ga wata mai bi. Sannan reshen Gwagwalada in netwok ya yi musu tsiya sai su kwana uku huɗu cinikinsu bai hau ba. Toh ka lissafa mafi munin yanayi: cinikin 1 ga Maris zai iya shan gyara har 10 ga Afrilu, kwana 40 kenan. Ka ɗora kwana biyar saboda ranar da akanta ya yi tafiya ko aka yi hutun sallah, ya zama 45. Wannan 45 ɗin ita ce lambar da zaka sa a mataki na 5, ba 7 ko 10 da kake gani ana sawa a koyarwa ba.

Bari in nuna abin da zai faru in ka sa 7. Wani dila ya ɗauki kaya na naira 480,000 ranar 3 ga Maris, ya dawo da su ranar 25, yarinyar kanta ta buɗe tsohon rasit ta maida kuɗin sifili. A databes cinikin Maris ya ragu da 480,000. A dashbod kuwa gidan 3 ga Maris an riga an kulle shi tun wajen 10 ga wata, don haka kuɗin na nan zaune, rifiresh kuma kullum yana nuna ya yi nasara, babu jan rubutu babu imel na kuskure. Sai ranar mitin oga ya ce lambar dashbod daban ta akanta daban, kuma kai za a kalla.

Kwana 45 sau 20,000 layi 900,000 ne, wajen kashi 4 cikin ɗari na miliyan 22. Kaga ko da ka buɗe tagar, wato kwanakin da ake sake ɗebowa kullum, da faɗi haka, har yanzu ka sauke kusan duka nauyin. Shi yasa ni bana ganin dalilin yin rowa da kwanakin nan, ribar da ke tsakanin 7 da 45 'yan mintuna ce, haɗarin kuma babba.

Gargaɗi: in teburin bashi da `UpdatedAt` ko makamancinsa, kuma babu wanda zai iya ce maka ga ranar da ake daina taɓa tsohon lissafi, toh baka da abin da zaka auna da shi. Ka zauna a ful rilod har sai mai kula da databes ya ƙara kolum ɗin an tara bayanin wata biyu ko uku.

3. Ka yanke hukunci tebur bayan tebur

Ba model gaba ɗaya ake sa ma inkirimental ba, tebur ɗaya ɗaya ne. Ƙananan tebura irin na kaya, kwastomomi, rassa da ma'aikata ka bar su suna loda duka kullum, basu da nauyi kuma su ne suke yawan canzawa.

Babban teburin shi ake dubawa. Inkirimental ya fi zama lafiya in layi ya shiga shikenan ba a ƙara taɓa shi, kamar rikodin cinikin POS, ko karatun mita, ko kuma ana taɓawa amma akwai ranar da ake rufewa kamar misalinmu. Ful rilod ya fi aminci in ana goge layuka daga databes kai tsaye ba tare da alama ba, ko ana iya canza kwanan watan layin kansa, ko teburin na matsayi ne, misali teburin bashi da kowane layi ke canzawa daga ba a biya ba zuwa an biya, kuma mai bashin zai iya zuwa bayan wata takwas ya biya. Irin wannan teburin duk tagar da ka buɗe sai wani ya biya a wajenta.

Canza kwanan wata ɗin nan shi ya fi ban haushi don ninka kuɗi yake. A ce an shigar da ciniki da kwanan 28 ga Janairu bisa kuskure, a watan Mayu aka gano aka maida shi 2 ga Mayu. Gidan Mayu yana cikin taga, zai ɗauko shi. Gidan Janairu a kulle yake, yana riƙe da tsohon kwafin. Layi ɗaya ya zama biyu a dashbod. In teburin yana ɓangaren ɗaya na wata rileshanshif rifiresh zai faɗi da kuskuren maimaituwar lamba, wannan ma sa'a ce don ka ji labari, in ba haka ba shiru zai yi.

Akwai kuma gyaran da ba na Power BI ba ne. In zaka iya shawo kan masu manhajar ciniki su riƙa shigar da kayan da aka dawo da su a matsayin sabon layi mai kwanan ranar da kuɗi a ɗebe, kamar yadda mai shago na ƙwarai baya kankare tsohon shafin littafi sai dai ya rubuta gyaran a shafin yau, toh tagarka zata iya sauka zuwa 'yan kwanaki kuma hankalinka kwance.

4. Faramita biyu da filta

A Power Query ka je `Manage Parameters` ka ƙirƙiri guda biyu, `RangeStart` da `RangeEnd`, haruffan daidai yadda na rubuta don yana bambanta babba da ƙarami, nau'insu kuma `Date/Time`. Ka basu tazarar kwana biyu ko uku kawai. Wannan tazarar ta kwamfutarka ce don fayil ɗin ya yi sauƙi, in ka tura shi sama, wato sabis ɗin Power BI na intanet, shi ne zai riƙa sa nasa kwanakin.

Sai filta a kan kolum ɗin kwanan wata:

```
Table.SelectRows(dbo_Sales, each [SaleDate] >= RangeStart and [SaleDate] < RangeEnd)
```

Gargaɗi: alamar daidai a gefe ɗaya kawai take zama. In ka sa `>=` a farko kuma ka sa `<=` a ƙarshe, duk layin da ya faɗo daidai kan iyaka zai shiga gida biyu. In `SaleDate` ɗinka bashi da awa da minti, wato duka layukan suna kan sha biyun dare, toh kowane layi a kan iyaka yake, zaka ga cinikin kwanakin cikin taga ya kusa ninkawa.

Wane kolum zaka sa filtar a kai? Wanda baya canzawa bayan an rubuta layi, kamar ranar ciniki. Kar ka sa `UpdatedAt` a nan, na san yana jan hankali tunda shi ke nuna sabon gyara, amma duk lokacin da aka gyara layi zai tashi daga tsohon gida ya koma sabo, tsohon kwafin kuma na nan, ninki kenan irin wanda na faɗa a sama.

Daga nan ka tabbatar filtar tana isa databes. Ka danna dama a kan matakin filtar a `Applied Steps` ka duba `View Native Query`, ya kamata ka ga `WHERE` mai ɗauke da kwanakin nan a ciki. In babu, ma'ana Power Query zai jawo layi miliyan 22 zuwa getwe, wato manhajar da ke haɗa databes ɗin ofis da sabis ɗin, sannan ya tace a gefensa, kuma zai yi haka ne ma kowane gida daban, kaga tagar kwana 45 tana iya zama karanta teburin sau 45, abin ya fi ful rilod muni nesa ba kusa ba. Don haka ka sa filtar da wuri, kai tsaye bayan matakin da ya zaɓo tebur, kafin duk wani haɗe haɗe da ƙare ƙaren kolum. In kolum ɗin nau'in `Date` ne, faramitar zaka juya da `Date.From(RangeStart)`, ka bar kolum ɗin yadda yake. Sannan ka roƙi mai databes ya sa indeks a kan `SaleDate`, in babu shi kowane gida sai an bi teburin tun daga farko.

Masu fayil ɗin Excel ko CSV guda ɗaya ƙato a SharePoint, ku wannan ba naku bane, fayil baya karɓar kuweri, dole a buɗe shi duka kowane lokaci. Sai dai in kuna ajiye fayil ɗaya ma kowace rana ko wata kuma kwanan yana jikin sunan, nan ana iya tace jerin fayilolin da faramitocin kafin a buɗe su. In ba haka ba ku zauna a ful rilod, ko ku kwashe datar ku zuba a databes tukuna.

Wani tarkon kuma: in a Power Query ka manna sunan kaya ko rukuninsa a jikin teburin ciniki, ranar da aka canza ma kayan suna ko rukuni tsofaffin gidaje zasu ci gaba da tsohon suna, sai kaya ɗaya ya fito kashi biyu a ripot. Ka bar lambar kayan kawai a teburin ciniki, sunan ya zo ta rileshanshif.

5. Saita tsarin

Ka danna dama a kan teburin, ka zaɓi `Incremental refresh`, ka kunna `Incrementally refresh this table`. A `Archive data starting` misalinmu zai sa shekara 3, a `Incrementally refresh data starting` kuma kwana 45. In ka ga gargaɗi a akwatin cewa bai iya tabbatar da kuwerin zai isa databes ba, kar ka share shi, ka koma mataki na 4.

Gargaɗi a kan shekarun ajiya: tagar nan tafiya take yi, duk shekarar da ta fita daga cikin ukun za a cire ta daga model. In kana da lissafin da ke tara komai tun farko, kamar ragowar kaya a sito ko jimillar bashin kwastoma, ranar da tsohuwar shekara ta faɗi lambobin zasu karkace ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ko dai ka ƙara shekarun, ko ka sa a riƙa ba ka ragowar farkon shekara a wani tebur daban.

Sai zaɓuɓɓukan ƙasa. `Only refresh complete days` yana nufin cinikin yau ba zai fito ba sai ranar ta ƙare. Ya dace in oga jiya yake dubawa da safe, bai dace ba in ana son ganin cinikin rana tana tafiya. Ka kuma tuna sabis ɗin da agogon UTC yake aiki, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, toh a saitin jadawalin rifiresh ka zaɓi `(UTC+01:00) West Central Africa`, in ba haka ba rifiresh ɗin da ka sa sha biyu da rabi na dare zai ɗauka har yanzu jiya ake ciki.

`Detect data changes` shi ne aka fi fahimta a karkace. Kana bashi kolum irin `UpdatedAt`, sai ya duba mafi sabon lokaci a kowane gida, in bai canza ba tun rifiresh na baya ya tsallake gidan. Yana rage aiki sosai, cikin gida 45 wataƙila biyar ko shida kawai zai ɗebo. Amma fa a cikin tagar kawai yake dubawa, baya leƙa shekarun da aka kulle, don haka ba zai ceci wanda ya sa taga gajera ba. Na biyu, baya ganin gogewa. In ba ka kunna shi ba, duk gidan da ke cikin taga ana zubar da shi a sake cikawa, layin da aka goge zai ɓace da kansa. In ka kunna shi kuma aka goge layi a cinikin makon jiya, mafi sabon `UpdatedAt` na ranar yana iya zama yadda yake, gidan ba za a taɓa shi ba, layin da aka goge na nan a dashbod. Shawarata, in 900,000 ɗin nan na gamawa cikin 'yan mintuna ka bar shi a kashe. Ka kunna shi ne kawai in ka tabbatar manhajarku bata gogewa, alama take sawa irin `IsDeleted` tare da sabunta lokacin.

6. Turawa da rifiresh na farko

Kafin ka danna `Publish` ka ajiye kwafin fayil ɗin `.pbix` a wuri biyu. Da zarar model mai inkirimental ya hau sama ba zaka iya sauke shi a matsayin `.pbix` ba, in kwamfutarka ta lalace ko wanda ya gina shi ya bar aiki da fayil ɗin a laftof ɗinsa, an shiga uku.

Bayan ka tura, abin da ke sama 'yan kwanakin nan biyu ko uku ne da ka sa a faramita, har sai rifiresh na farko ya gama. Don haka kar ka yi wannan ranar Litinin da safe, ka bari sai Asabar da daddare ko Lahadi, ka kuma gaya ma masu duba dashbod ɗin tun kafin su kira ka suna cewa cinikin shekara uku ya ɓace. Ka danna `Refresh now` da hannunka ka zauna ka ga ƙarshensa.

In databes ɗin a ofis yake, komai ta `On-premises data gateway` zai bi, shi kansa kyauta ne amma kwamfutar da yake kai dole ta kasance a kunne da intanet har a gama. In aka ɗauke wuta ana tsaka da lodawa, rifiresh ɗin ya faɗi kenan sai an sake daga farko. Ka tabbatar kwamfutar da rauta duka suna kan inbata, ba kwamfutar kaɗai ba, kuma ka kashe mata barci. Gaskiya ma wannan na daga cikin manyan dalilan da suke sa inkirimental ya yi mana amfani a nan, aikin minti biyar ya fi tsallake ɗaukewar wuta da yankewar netwok akan aikin awa ɗaya da rabi. Ka kuma sani in rifiresh na jadawali ya faɗi sau huɗu a jere sabis ɗin zai kashe jadawalin da kansa, sai ka shiga ka sake kunnawa.

Batun kuɗi: inkirimental yana aiki a Pro, wanda tun Afrilun 2025 dala 14 ne a wata kan kowane mutum, da rifiresh na jadawali sau 8 a rana. Premium na mutum ɗaya ɗaya dala 24 ne, yana ba ka sau 48 a rana, da awa 5, da kuma abin da ya fi muhimmanci a wannan maganar, wato `XMLA endpoint`, wanda da shi zaka iya buɗe model ɗin a SSMS, wato manhajar kula da SQL Server, ka ga gidajen ɗaya bayan ɗaya ka sake loda wanda kake so kaɗai. Ka tuna duk mai buɗe ripot ɗin shima sai ya samu irin lasisin, don haka ka ninka da yawan mutanenku kafin ka kai ma oga takarda.

7. Kwatanta da databes duk wata

Tunda kurakuran inkirimental shiru suke yi, dole kai ka je ka nemo su. Bayan akanta ya rufe littafi, ka gudu da wannan:

```sql
SELECT YEAR(SaleDate) AS Shekara, MONTH(SaleDate) AS Wata,
       COUNT(*) AS Layuka, SUM(Amount) AS Jimla
FROM dbo.Sales
GROUP BY YEAR(SaleDate), MONTH(SaleDate)
ORDER BY Shekara, Wata;
```

A ripot ɗin kuma ka yi ɓoyayyen shafi mai tebur iri ɗaya, shekara, wata, `COUNTROWS(Sales)` da jimillar kuɗi. Ka jera su gefe da gefe, duka watannin zaka duba ba na ƙarshe kaɗai ba, don ɓarnar a tsofaffin take ɓuya. In kana tace wasu layuka a Power Query, misali rasit ɗin da aka soke, ka sa irin tacewar a kuwerin nan ma, kar ka tayar da hankalinka a banza.

Yadda bambancin ya fito shi zai gaya maka ciwon. In layukan dashbod sun fi na databes yawa a wani tsohon wata, an goge wasu ko an canza musu kwana. In sun gaza, wasu sun shigo a makare bayan taga ta wuce su, sai ka nemi wane reshe ne. In yawan layuka ɗaya ne amma kuɗin ya bambanta, an gyara adadi a tsohon rasit. In kuwa kwanakin baya bayan nan ne suka kumbura gaba ɗaya, koma ka duba alamar daidai ɗin nan ta mataki na 4.

8. Lokacin da dole ka sake loda komai

Ko komai na tafiya daidai akwai ranakun da ful rilod ya zama dole: in kwatancen sama ya nuna bambanci, in odita ya sa an gyara lissafin bara, in an kwashe data zuwa sabuwar manhaja, ko in kai da kanka ka canza wani lissafi a Power Query, misali yadda ake cire haraji daga kuɗin ciniki. Wannan na ƙarshen a kula da shi, in aka tura canjin ta hanyar da bata taɓa datar da ke sama ba, kwana 45 na baya zasu bi sabon lissafi, sauran shekarun suna kan tsoho, sai ka ga layin jadawali ya yi tsalle a wata rana ba gaira ba dalili.

A Pro hanyar ɗaya ce, ka sake `Publish` daga fayil ɗinka ka amince ya maye gurbin na sama, hakan yana rushe gidajen duka, rifiresh na gaba ya sake gina su daga farko, da duk sharuɗɗan mataki na 6, daren Asabar da inbata da sanar da mutane. Wannan kuma yana nufin duk ƙaramin gyaran da ka tura daga fayil ɗin model, ko launin jadawali ne, ful rilod ka jawo. Shi yasa ya kamata ka raba su tun farko, model a fayil ɗinsa, ripot a wani fayil da ke haɗe da model ɗin da ke sama, sai ka riƙa gyara ripot yadda kake so ba tare da ka taɓa data ba.

A Premium kuma in bambancin a watan Janairu kaɗai yake, ka shiga ta SSMS, ka danna dama a kan teburin ka zaɓi `Partitions`, ka nemo gidan da watan ya faɗa ka yi masa `Process Full`. Kar ka yi mamaki in baka ga Janairu shi kaɗai ba, sabis ɗin yana haɗe tsofaffin kwanaki su zama wata, watanni su zama zangon wata uku, zanguna su zama shekara, don haka gyaran wata ɗaya na shekarar da ta wuce yana iya zama loda shekarar gaba ɗaya, a misalinmu layi miliyan 7 da ɗoriya. In kuma ka ga wata biyu a jere kana zuwa gyara gidan da bai daɗe da fita daga taga ba, tagar ce ta yi gajarta, ka sake gudu da kuwerin mataki na 2 ka ɗaga 45 ɗin zuwa abin da ya nuna maka.